Gashin fanka ko gashin iska? Ku taya ni samo suna

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da 'yan mata yin kek da mitfai a gida, nan Unguwar Dosa, kuma yanzu ina rubuta musu 'yar takarda da Hausa zalla. Inda na maƙale shi ne maɓallin oben da aka rubuta wa Convection, wani kuma hoton fanka kawai aka zana. Me zan kira shi? "Kombekshan" ba ya zama a bakin yaran. Abin da ya tayar da maganar, wata ɗalibata ta bi takardata sak, digiri 180, minti 40, sai ta turo min hoton kek: sama ya yi baƙi ya tsage, ciki kuwa kwaɓi. Da na bincika ashe a kan fankar ta murɗa.

Malam Sabi'u Kawo: Wa'alaikumus salam Hajiya. A ajin kimiyya "zagayawar zafi" muke cewa. Iska mai zafi ta yi sama, mai sanyi ta sauko, haka suke ta musanya. Ki rubuta "gashin zagayawar zafi", ma'ana ta fita.

Anti Bilki: Malam, a aji ka yi daidai, a kicin akwai gyara. Wannan zagayawar da ka faɗa tana faruwa a kowane oben, har na kwanon da ake ƙerawa a Panteka. Shi ya sa layin sama yakan fi zafi. Abin da maɓallin nan ya ƙara shi ne fanka a bangon baya, ita ke tura iskar da ƙarfi. A wasu oben ma akwai zoben wuta kewaye da fankar. To sunan da bai nuna turawar nan ba, bai raba su ba.

Yakubu T/Wada: Gashin fifita mana. Mai gasa masara in yana son wuta ta tashi ai mafici yake ɗauka.

Anti Bilki: Sunan da daɗi, Yakubu, amma kada yara su ɗauka fankar zuga wuta take. Ka sa ma'aunin zafi a ciki, 180 ɗin nan ita za ka gani, da fanka da babu. Abin da ke faruwa, kwaɓin da aka sa yana da sanyi da laima, sai iskar da ke manne da shi ta huce ta zama masa kamar mayafi. Fanka tana yaye mayafin nan tana kawo sabuwar iska mai zafi. Fifita kunu ne aka juya: kunu ana kore masa zafi don ya huce da wuri, nan ana kore wa abinci sanyi. Kuma tana busar da sama, kamar shanya a iskar hunturu.

Kek ɗin yarinyar nan kenan. Samansa ya bushe ya yi ɓawo tun wajen minti 20, ciki bai gama tashi ba. Da ya tashi bai sami hanya ba sai ya fasa ɓawon. Maman Hanifa, ki duba hoton, in tudun ya karkata gefe guda, ko gefen da ke kallon fanka ya fi duhu, babu tantama.

Maman Hanifa: Wallahi Anti ya karkata, kamar hular da aka kafa a gefe. To nawa ya kamata ta sa?

Anti Bilki: Ta rage digiri 20. Inda kika rubuta 180 ta sa 160, inda kika rubuta 200 ta sa 180. Lokaci ta bar shi kusan yadda yake, sai dai ta soka tsinken sakace a minti 35, kada ta jira 40. In ya fito a bushe, ta sauke. Masu bin girkin Amurka, 350 ɗinsu na Farenhait shi ne kusan 180 ɗinmu, su 25 suke ragewa ya koma 325.

Akwai hanya ta biyu: a bar zafin, a yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokaci. Wannan ta nama ce. Cinyoyin kaza da aka ce 200 na minti 40, ki bar 200 ɗin ki leƙa a minti 30, fata za ta yi ja ta yi ƙaras. Ki soka kusa da ƙashi, ruwan da ya fito kada ya zama da ja. Ban yarda a yi wa kek wannan ba. Kuma kada a haɗa biyun gaba ɗaya, a rage 20 a kuma yanke kwata, ɗanye za a sauke.

Ni dai kek mai kauri a gwangwani ɗaya ba na kunna masa fanka sam. Mitfai da kukis kuwa, tire uku a lokaci guda ranar odar biki, nan take biyan kuɗinta.

Zee Barnawa: Nawa ma yana da fanka, ina jin ƙararta ko na kashe oben ɗin. Kenan duk shekarun nan ya kamata in riƙa rage 20? Kek ɗina kuma lafiya lau yake fitowa.

Anti Bilki: Kar ki taɓa komai, 'yata. Wadda ke ci gaba da ƙara bayan an kashe ta sanyaya jikin oben ce, ba ta shafi abinci ba. Buɗe ki leƙa bangon baya daga ciki. In babu zagayen marfi mai huji-huji da fanka a bayansa, ba ki da ita.

Malam Sabi'u Kawo: Kin gani ko, Hajiya Bilki? Ga matsalar "fanka" nan tun ba a je ko'ina ba, fanka biyu ne. "Gashin iska" ya fi tsabta, kuma Hausa ce tsantsa.

Yakubu T/Wada: Malam, ka ce wa mace kek ɗinta gashin iska ne ka ga abin da zai biyo baya 😂

Maman Hanifa: Yakubu ya kashe wannan. Ni zuciyata ta kwanta da "gashin fanka", don abin da yarinya ke gani a maɓalli kenan, ba sai na yi bayani ba. Fanka kuma ta daɗe da zama 'yar gida. Zan rubuta haka: "180, ko 160 a gashin fanka". Saura ɗayan. Na ga alamarsa layi biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In ce "gashin sama da ƙasa"?

Hauwa Rigasa: Mu masu oben na gas fa, Maman Hanifa? Wutarmu daga ƙasa kawai take, babu ta sama. Kuma ko an ce 160 ba ni da lamba, ƙarami da babba ne a maɓallina.

Anti Bilki: Gaskiyarki Hauwa, sunan bai ɗauke ku ba. Lambar farko ta takardar, 180 ɗin, ita ce taku, ki sayi ɗan ma'aunin da ake ratayawa a ciki. Masu gas mai fanka kuma su tuna fankar da lantarki take juyawa. In an ɗauke wuta ana tsakar gashi kuma gas ɗin bai mutu ba, kin koma gashi babu fanka a kan 160, sai ki ƙara zafin ko ki ƙara lokaci.

Malam Sabi'u Kawo: "Gashin gargajiya" fa?

Hauwa Rigasa: Haba Malam, sai a zata tukunya da yashi ake nufi, ko tanderun gurasa.

Maman Hanifa: Na rubuta "gashin da ba fanka" da fensir tukuna, ya yi min tsawo a layi. Ranar Asabar ɗalibar za ta sake kek ɗin a 160. Anti, layin tsakiya za ta sa, ko tunda da fanka ko'ina ɗaya ne?