Ƙunar ruwan zafi a bayan hannu: warkewa ce ko ruɓewa?

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya. Ina neman shawararku kan hoton ƙuna da aka turo mini daga ƙauye. Yaro ne ɗan shekara 4, ruwan zafi ya zubo masa a bayan hannu kwana 5 da suka wuce, faɗin wurin bai kai tafin hannunsa ba. Bororon ya fashe, gefen ja ne mai danshi, amma tsakiya akwai wani abu fari-fari mai ɗan rawaya.

Nan na tsaya. Mataccen nama ne da ke fita yayin warkewa, ko mugunya ce, ko ƙunar ce ta yi zurfi? A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai a hoto, ga hasken fitilar waya ya ƙara wa wurin ƙyalli.

Uwar ta ce babu zazzaɓi, babu wari, yana motsa yatsu. Na ce ta wanke da ruwa mai tsabta, ta sake ɗauka da rana, ta ajiye murfin kwalba kusa don gwada girma, ta zagaye kumburin da biro mu ga ko zai wuce layin gobe.

Tunda hannu ne, kuma yaro ne, in jira hoton gobe, ko in ce su kamo hanyar asibiti yau?