Wane suna za mu ba kundin majigin da aka fitar wa injiniyoyi nasu, shugabanni nasu?

Rabi:
Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙungiya a nan Maraɗi wadda ke kula da fanfunan ruwa masu aiki da hasken rana a ƙauyukan Dakwaro da Mayahi, kuma an ɗora mini rubuta ƙa'idar aikin ofishinmu da Hausa. Na cije a wuri guda. Muna da jerin hotunan bayani da muke haskawa a bango, wanda a ofis muke kira diyaporama, abokan aikinmu na Katsina kuma suke kira dek. Namu na wata ukun da suka wuce ya kai guda 42. Da muka haska shi gaban shugabanni, kafin a kai na goma sha biyu shugaban ya tambayi nawa ake nema, da muka haska shi gaban injiniyoyi kuma suka ce ba su ga awon da za su yi aiki da shi ba. Daga nan muka fitar da biyu daga cikinsa. Ina neman sunan abin gaba ɗaya, da sunan kowane ɗaya da ake haskawa, da kuma sunan wannan aikin na fitar da biyu daga ɗaya.

Sanusi:
Wa alaikumus salam, Malama Rabi. A ganina ba sai an wahala ba. A kira babban cikakken bayani, a kira na shugabanni taƙaitaccen bayani, aikin kuma a ce taƙaitawa ko tankaɗe, tunda abin da ake yi shi ne a zuba duka a rariya, mai laushi ya wuce zuwa ga manya.

Malam Lawali:
Bari in fara da guda biyun da suka fi sauƙi. Kalmar dek daga karta aka ɗauko ta, wato tarin katunan da ba a ɗinke ba, waɗanda ake iya zare ɗaya a sake masa wuri. Muna da abin da ya yi daidai da wannan tun kafin zuwan na'ura, shi ne kundin malamai, wanda takardunsa a sake suke cikin bango, malam ya zaro wadda yake so ya mayar da ita inda ya ga dama. Saboda haka ina ba da shawarar a ce kundin majigi, majigi kuwa tsohuwar kalma ce ta hoton da ake haskawa a bango, ba sabuwar ƙira ba. Kowane ɗaya da ake haskawa a ce masa falle, jam'i fallaye. Na san wasu za su fi son shafi, amma shafi yana da gaba da baya kuma a ɗaure yake cikin littafi, alhali falle shi kaɗai yake tsayawa.

Game da maganar Sanusi, tankaɗe ba zai yi ba. Wanda ya tankaɗe gari, abin da ya rage a rariya tsaki ne, kuma duk injiniyan da ya ji an ce nasa kason shi ne ragowar rariya zai fahimci abin da ba a yi nufi ba. Taƙaitawa kuma ta kama rabin gaskiya kawai. Kafin in ƙara, Malama Rabi, ki faɗa mana fallaye nawa kowanne ya samu, kuma daga ina suka fito.

Rabi:
Na injiniyoyi ya samu fallaye 31, dukansu daga cikin 42 ɗin nan. Na shugabanni ya samu 7, amma 4 ne kawai aka ɗauko daga babban, kuma waɗannan 4 suna cikin na injiniyoyi ma. Sauran 3 sabbi muka rubuta. Na farkonsu yana cewa fanfo 5 cikin 24 sun tsaya, ana neman sefa miliyan 9 don a sauya su kafin zafin watan Afrilu, wato miliyan 1 da dubu 800 kowanne. Na biyu ya nuna abin da zai faru da ƙauyukan idan an jinkirta, na uku kuma ya jera zaɓi biyu, a sauya duka yanzu ko a fara da 3. A babban kundin, maganar kuɗi tana falle na 38.

Malam Lawali:
To, ga amsar nan a cikin lissafinki. Da rabawa aka yi, da jimlar kason biyu ta ba da 42, ba 38 da 31 da 7 suka bayar ba, kuma da babu fallen da ya bayyana a wuri biyu. Da taƙaitawa aka yi, da na shugabanni ya bi jerin babban daga tarihin aiki zuwa awo zuwa kuɗi, sai dai a gajarce. Abin da kuka yi daban ne, domin kun juya jerin, abin da ke falle na 38 ya dawo na farko, kuma kun rubuta abin da babu shi da farko. Shugaba yana zaune ne don ya ce e ko a'a, shi ya sa ake fara masa da abin da ake so ya yanke, a bi da dalili. Injiniya kuwa yana zaune ne don ya gano ko awon daidai ne, saboda haka yana so ya ga zurfin ruwan kowace rijiya, da yawan ruwan da fanfo ke turowa a awa, da ranar da aka auna, kafin ya yarda da hukuncin.

Har kanun fallayen sukan bambanta. A na injiniyoyi ya isa a rubuta "Awon ruwa na watan Maris" a sama, tebur ya biyo baya. A na shugabanni kan fallen jimla ce cikakkiya mai ɗauke da sakamako, ta yadda wanda ya karanta kanun bakwai ɗin kaɗai, ko da ya fita amsa waya a tsakiya, zai san abin da ake nema gare shi.

Kalmar da nake gani ta ɗauki wannan ita ce zubi, kamar yadda muke cewa zubin gida ko zubin labari, wato kaya ɗaya amma tsari daban. Babban a kira shi uwar kundi, abin da aka fitar a ce zubin shugabanni da zubin injiniyoyi, aikin kuma fitar da zubi.

Hajiya Zuwaira:
Ni dai abin da ya dame ni ba suna ba ne. A wurin da na yi aiki a da, an taɓa ba manya takarda mai cewa komi lafiya, ƙananan ma'aikata kuma suna riƙe da wadda ke nuna ɓarnar da ke akwai. Idan kundi biyu za a riƙa yi, ina tsoron mu ba ɓoye gaskiya suna mai daɗi.

Injiniya Isuhu:
Hajiya, abin da kika gani ya faru, amma ba shi Malama Rabi ke nufi ba, kuma akwai hanyar gane bambancin. A ɗauki kowane adadi da ke zubin shugabanni a neme shi a na injiniyoyi. Idan an same shi daidai, tare da awon da ya haife shi, to zubi ne. Idan ba a same shi ba, ko ya saɓa, to ko dai an ɓoye wani abu ko kuma kundayen sun rabu da juna ba a sani ba.

Na biyun ya fi yawa, kuma ya taɓa faruwa da ni. Na kwafi kundi gida biyu ranar Litinin, ranar Laraba aka kawo sabon awo, na gyara a ɗaya na manta da ɗayan, sai a zauren taro aka ga adadi biyu na abu guda. A misalin Malama Rabi, da fanfo na shida ya tsaya bayan an kwafa, injiniyoyi za su ce 6, fallen shugabanni yana nan da 5 da miliyan 9, alhali kuɗin ya koma miliyan 10 da dubu 800.

Shi ya sa kalmar uwar kundi ta yi mini, domin tana tuna wa mutum cewa gyara a wuri ɗaya ake yin sa. A PowerPoint ba dole ba ne a yi fayil biyu. A na Faransanci, ƙarƙashin Diaporama akwai Diaporama personnalisé, inda za a zaɓi fallayen da ake so, a jera su yadda ake so, a ba jerin suna. Sabbin fallaye 3 ɗin nan a mayar da su cikin uwar, ta zama 45, sai a yi jeri ɗaya mai 7 da ɗaya mai 31, duk wanda aka gyara kuma ya gyaru a ko'ina. Gargaɗi ɗaya ne: wannan na haskawa ne kawai. Wanda aka tura wa fayil ɗin zai ga fallayen duka, har waɗanda aka ɓoye da Masquer la diapositive, saboda haka idan akwai albashi ko farashin ƴan kwangila a ciki, a fitar da zubin a matsayin PDF kafin a tura.

Inda ban yarda da Malam Lawali ba shi ne zubin injiniyoyi. Cikin masu zama wannan taron a wurinmu akwai masu gyaran fanfo da masu haɗa wayar farantan rana da mai ajiyar kaya, kuma babu ɗayansu da ake kira injiniya.

Sanusi:
Na janye tankaɗe. Amma zubi a bakin mutanen kasuwa kuɗin adashi ne, kuma ina jin idan aka ce zubin shugabanni wani zai zaci gudummawa ake tarawa. Me zai hana a ce siga? Game da masu aikin kuma, a ce ƙwararru.

Malam Lawali:
Siga tana da kyau a rubuce, kuma masu nazarin harshe suna amfani da ita, sai dai ta fi nuna kamannin abu, mu kuwa jeri da tsari muke magana a kai. Ruɗanin adashi ba zai taso ba muddin kalmar kundi tana kusa, a ce zubin kundi na shugabanni a karon farko, daga baya a gajarta. Ƙwararru kuma yana nuna kamar shugabannin ba su ƙware a nasu aikin ba. Na yi tunanin masu aikin hannu, amma ya bar wanda ke lissafin ƙarfin fanfo a ofis. Ma'aikatan fasaha shi ne mafi kusa, duk da cewa a kunnen wasu fasaha ta mawaƙa ce da masu zane.

Rabi:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Zan rubuta kundin majigi, da falle, da uwar kundi, da fitar da zubi, kuma zan saka gwajin Injiniya Isuhu na bin kowane adadi a cikin ƙa'idar, saboda damuwar Hajiya. Zubin shugabanni ya zauna. Ɗayan zan rubuta shi zubin ma'aikatan fasaha da fensir, in karanta wa masu gyaran fanfonmu ranar Alhamis idan sun dawo daga Mayahi, in ji abin da su suke kiran kansu.