Katin gayyatar ƙaddamar da garin kunu, a duba min kafin na kai buga shi

Maman Khalifa: Salam jama'a. Garin kunun gyaɗar nan da nake ta damunku da shi lambar NAFDAC ta fito Alhamdulillah, ledar ma an buga. Ina so in tara dilolina da masu shagunan da ke ɗaukar kayana in nuna musu sabon, mutum kamar 40. Ga abin da na rubuta: "Ana gayyatarku ƙaddamar da sabon garin kunu ranar 29/11 ƙarfe 9 na safe a Zoo Road, Allah ya ba da ikon zuwa." Ya yi ko in ƙara wani abu?

Ummi Tarauni: Masha Allah Anti, Allah ya sa albarka. A ajiye min leda biyu 😂

Sadiq Singa: Hajiya 29 ga Nuwamba fa Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli, ba a fita a Kano sai 10 ta yi. Wa zai zo miki ƙarfe 9?

Maman Khalifa: Innalillahi, gara da na tambaya

Alhaji Tasi'u: Hajiya bari in yi miki magana da ɗan tsawo don ni na ga ta kaina. Lokacin da muka fito da sabulun wanki na raba kati kusan 70 ban sa ranar da za a ba ni amsa ba, duk wanda na kira sai ya ce in sha Allahu Alhaji, ni kuma na lissafa shi a masu zuwa. Mai abinci ta ce in faɗa mata adadi, na ce ta yi na mutum 70. Ranar taro dilolin da na yi abin dominsu ko rabi ba su zo ba, waɗanda suka cika kujerun yaran shago ne da aka turo su wakilci, yaron da ba shi da ikon cewa a kawo katan ɗaya. Mutumin Katsina da na fi sa rai da shi ya tafi wani ɗakin taron daban a titin, don ni ma sunan titi kawai na sa kamar yadda kika yi, ya kira ni sau biyu ina kan magana ban ɗauka ba, ya juya abinsa. Har yau in mun haɗu sai ya tuna min.

To ga abin da nake gani. Fara zuwa wajen mai abinci ki tambaye ta yaushe take son adadi na ƙarshe, yawanci kwana uku kafin taro saboda cefane. Daga nan ki ƙara kwana biyu baya, wannan ita ce ranar rufe amsa, kwana biyun nan na kiran waɗanda suka yi shiru ne. Kuma in kin kira kar ki ce za ka zo? Ki ce Alhaji kai da kanka za ka zo ko wa za ka turo, in rubuta sunansa a kujera. Nan ne ake gane mai zuwa. Wanda ya ce bari mu gani, ki sa shi a ba ya zuwa.

Sadiq Singa: Gaskiya ne. In sha Allahu kala biyu ce a kasuwa, akwai ta zuwa akwai ta sallama

Malam Nura Zariya: Ni ban yarda da sa wa'adi a kati ba. Babban mutum ka ce masa ya ba ka amsa kafin rana kaza sai ka ce mai binsa bashi? Zai ga raini ne

Anti Rabi: Malam Nura ya danganta da yadda aka faɗa. In aka sa dalili ba wanda zai ji haushi. Amma ka yi gaskiya ta ɓangare ɗaya, manyan dilolin nan uku ko huɗu ba a tura musu hoton kati a waya a yi shiru, ki taka ki kai musu har shago ke ko maigida, da ledar kunun a hannu. Amsarsu a nan za ki same ta a baki. Wa'adin na sauran ne.

Wani abu kuma da ba wanda ya taɓo, mutanenmu in suka ji ƙaddamarwa tunaninsu irin ta littafi ce, a kira sunanka a lasifika ka tashi ka faɗi miliyan nawa ka saya. Wasu wannan kaɗai zai hana su zuwa. Ki rubuta ƙarara ba tara kuɗi za a yi ba.

Bash Kwari: Wai nawa ne katan ɗin? Akwai kai wa Jos?

Ummi Tarauni: Bash ka karanta daga sama mana, kati ake magana ba katan ba 🤣

Anti Rabi: Ga yadda ni zan rubuta, ki gyara inda bai yi ba:

"Assalamu alaikum Alhaji wane. Muna gayyatarka gabatar da sabon garin kunun gyaɗarmu ranar Lahadi 7 ga Disamba, a ɗakin taro na kaza da ke Zoo Road, kusa da kaza. Za a fara 10:30 na safe a tashi kafin azahar. Za a ɗanɗana kunun, a sanar da farashin dila, ba tara kuɗi. Kujera biyu aka ware maka. Don Allah a sanar da mu sunan masu zuwa zuwa Talata 2 ga Disamba saboda tanadin abinci, ta wannan lambar."

Sunan ranar dole ne, 29/11 kawai mutum sai ya duba kalanda kuma ba zai duba ba. Lokacin tashi ma ki sa, ɗan kasuwa ya fi son ya san yaushe zai koma harkarsa fiye da yaushe za a fara. Lambar kuma kar ta zama taki, ki ba wata ƙanwarki da za ta riƙe wayar da littafin sunaye har ranar, kar a maimaita ta mutumin Katsina.

Sadiq Singa: Lahadi da safe a Disamba? Ɗaurin aure kaɗai zai cinye miki rabin mutanen. Ni da Talata ko Laraba bayan la'asar aka sa

Alhaji Tasi'u: Bayan la'asar a hunturu ai awa biyu ce ba ta cika ba magariba ta yi, ga mutanen Dutse da Katsina za su kama hanya cikin dare

Malam Nura Zariya: Kanawa kenan, a rubuta muku 10:30 ku zo 12 kuna ta sallama da ƙarfi

Sadiq Singa: Bazazzagi ne zai koya mana lokaci? Ku da sai an ce akwai abinci kuke sammako

Malam Nura Zariya: To ai an ce akwai 😂

Maman Khalifa: Kai ku bari don Allah. Anti Rabi na ɗauki naki. Sai dai akwai wata Hajiya a Maraɗi da ke ɗaukar kaya da yawa, ita ma 2 ga wata zan ba ta?

Anti Rabi: A'a, ita ki kira ta yau ma tun kafin a buga kati, ki ji ko ranar ta yi mata, ita ce mai ƙetaro boda da neman masauki. Kuma ki yi mata saƙon murya, ba kowa can ke son dogon rubutu ba. In ta ce ba za ta samu zuwa ba ki aika mata samfur da takardar farashi a mota, ranar ɗaya da sauran, kar ta ji farashin a bakin wani.

Alhaji Tasi'u: Kuma kar a buga kati sai an ba mai ɗakin taro kafin alƙalami an karɓi rasit mai ɗauke da rana da awa. Disamba masu biki suna ɗaga kuɗi a kwace maka rana

Bash Kwari: To ni dai ba a amsa min maganar Jos ba

Maman Khalifa: Bash sai bayan taro. Sadiq Larabar da kake cewa, mutanen Singa za su iya barin shago ƙarfe 11?

Sadiq Singa: Bari in tambayi oga in ya dawo daga masallaci