Tambayar kalkulas da aka ɗauko a hoto: cire fakta ko dokar L'Hôpital?

Zauren ɗaliban lissafi, Gombe

Hauwa'u: Assalamu alaikum. Ga hoton tambaya ta uku daga takardar jarrabawar bara, wadda wata ƙawata ta turo mini daga Pantami. Abin da na karanto shi ne `lim x→2 (x³ − 8)/(x² − 4)`. Da na saka 2 sai na sami sifili a sama da sifili a ƙasa, shi ne nake neman shawarar hanyar da ya kamata in bi.

Bello: Wa alaikumus salam. Shawarata ki bi dokar L'Hôpital, domin ta fi sauri. Ki ɗauki diribatif na sama da na ƙasa, ki ci gaba da ɗauka har sai x ya ɓace. Karo na farko `3x²/2x`, na biyu `6x/2`, amsa ta zama 6.

Malam Sani: Bello, matakinka na farko daidai ne, amma na biyu ya ɓata aikin. Dokar tana aiki ne kawai idan saka lambar ya ba da `0/0` ko `∞/∞`, kuma wajibi ne a sake duba wannan sharaɗi kafin kowane maimaici. Idan ka saka 2 a cikin `3x²/2x` za ka sami `12/4`, wato 3, kuma a nan ya kamata ka tsaya, domin babu sauran rashin tabbas da za a warware. Hauwa'u, ni da zan ba ki shawara a kan wannan tambaya, da cire fakta zan ce ki fara. Tun da sama da ƙasa duk sun zama sifili a 2, lallai `(x − 2)` yana cikin kowannensu. Na sama ya zama `(x − 2)(x² + 2x + 4)`, na ƙasa kuma `(x − 2)(x + 2)`. An halatta ki soke `(x − 2)` saboda x yana kusantar 2 ne bai kai shi ba, don haka abin da kike sokewa ba sifili ba ne. Abin da ya rage shi ne `(4 + 4 + 4)/4`, wato 3 ɗin dai.

Zainab: Malam, ni na gwada dokar a daren jiya, amma ƙasa ta fito mini `(x² − 4)²`, na koma kan `0/0` da dogon lissafi a sama.

Malam Sani: Kin haɗa dokoki biyu ne, Zainab. Wadda kika yi amfani da ita ta neman diribatif ɗin dukan kason ce, mai siffar `(u′v − uv′)/v²`, kuma wata tambaya daban take amsawa. A dokar L'Hôpital ana ɗaukar na sama shi kaɗai, na ƙasa shi kaɗai, sannan a raba. Duk lokacin da kika ga na ƙasa ya ninka kansa, to kin kauce.

Bello: Na karɓi gyara, Malam. Sai dai cire fakta ba ya kai mutum ko'ina a tambaya irin `lim x→0 (eˣ − 1 − x)/x²`, domin babu abin sokewa.

Malam Sani: Gaskiyarka, a nan dokar ce ta dace, kuma a nan ne maimaici ya halatta. Karo na farko yana ba da `(eˣ − 1)/2x`, wanda har yanzu `0/0` ne, na biyu kuma `eˣ/2`, amsa ta zama rabi.

Usman: Ku gafarce ni, na buɗa hoton sosai, kuma ninkin takardar ya bi ta kan alamar da ke ƙasa. A idona ta fi kama da `x² + 4`. In haka ne, saka 2 yana ba da `0/8`, amsa sifili ce kai tsaye, kuma wanda ya yi gaggawar bin dokar zai rubuta 3 bisa kuskure.

Hauwa'u: Ni alamar ragi nake gani, kuma da wuya a ba da maki biyar a kan saka lamba kawai.

Malam Sani: Hujjarki tana da ƙarfi, amma masu tsara jarrabawa sukan ɗana irin wannan tarko da gangan, don su ga wanda zai duba sharaɗi tukuna. Ki kuma duba ko an rubuta umarni a saman sashen, domin wani lokaci akan hana amfani da dokar, kuma hotonki ya yanke wannan layin.

Zainab: Idan ba a hana ba, ana rage maki ga wanda ya bi dokar?

Malam Sani: Ni ba na ragewa muddin ɗalibi ya rubuta cewa siffar `0/0` ce kafin ya fara, amma kowane malami da tsarin makinsa.

Hauwa'u: Na gode, Malam. Na roƙi ƙawata ta miƙar da takardar ta sake ɗauka da rana, har da saman shafin.