Lambar jeri ko UUID: muhawara kan rassa uku da ke rubuta lamba ɗaya

Nafi'u: Assalamu alaikum. Kamfanin dakon kaya da nake yi wa aiki yana da rassa uku, Agege, Apapa da Alaba Rago. Kowane reshe da sabarsa ta MySQL, saboda intanet na yawan yankewa, da daddare sai mu kwashe bayanan zuwa sabar hedikwata. A teburin takardun kaya `id` ɗin `AUTO_INCREMENT` ne, kuma rassan suna ba da lamba iri ɗaya. Ni dai na ce lambar jeri ta gama yayi, duk inda saba ta wuce ɗaya UUID ne kawai mafita, wato doguwar lambar shaida da kowace na'ura ke ƙirƙira da kanta ba tare da ta tambayi wata ba. Akwai mai ja?

Injiniya Rabi: Wa alaikumus salam. Ina ja, ƙanena, amma kafin nan gaya mini: idan lambobi biyu suka yi karo a hedikwata, me kake gani?

Nafi'u: Da farko `ERROR 1062 Duplicate entry '4021' for key 'PRIMARY'` yake fitowa, kwashewar ta tsaya. Wanda ya riƙe aikin kafin ni sai ya mayar da shi `INSERT IGNORE`, tun daga nan ba ta sake tsayawa ba.

Injiniya Rabi: To wannan ya fi tambayarka gaggawa. Takarda 4021 ta Agege ta shiga, ta Apapa ta zo ta tarar da lambar, aka watsar da ita shiru. Amma kayan da ke ƙarƙashinta, waɗanda ke wani teburin ɗauke da `waybill_id = 4021`, duk wanda lambarsa ba ta yi karo ba ya shige, ya rataye a jikin takardar Agege. Buhunan wani ɗan kasuwa suna cikin lissafin wani ke nan. Yau ɗin nan ka ƙirga layukan teburin a kowane reshe, ka haɗa, ka gwada da na hedikwata. Abin da ya rage shi ne takardun da suka ɓace. Ka cire `IGNORE` ɗin, kuma kada a goge komai a sabobin rassa, domin yanzu su ne kaɗai ke riƙe da gaskiyar lissafi.

Malam Sabo: Ni ban ga abin da ya kai ku UUID ba. MySQL yana da maganin wannan tun tuni. A saba ta Agege:

```
auto_increment_increment = 10
auto_increment_offset = 1
```

Apapa ka ba ta 2, Alaba 3. Agege za ta riƙa ba da 5001, 5011, 5021, Apapa 5002, 5012, 5022. Ba za su taɓa haɗuwa ba, lambar tana nan gajera, ga gurbin ƙarin rassa bakwai. Abin lura kawai, ka ɗaga mafarin kowane tebur ya wuce lamba mafi girma da ke cikin dukkan rassan. Kuma za ka ci gaba da jera takardu da `id` ka san wadda ta riga wata.

Injiniya Rabi: Malam, rabin farko na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na ƙarshen ne ba haka ba. Idan Agege ta yi takarda 300 a rana, Alaba ta yi 40, bayan wata guda lambar Agege ta yi wa ta Alaba fintinkau. Takardar Alaba ta yau za ta zo da lambar da ta gaza ta Agege ta makon jiya. Jeri a cikin reshe ɗaya ne yake nuna lokaci, a tsakanin rassa sai `created_at`.

Sannan tsarin yana tsaye ne a kan kada mutum ya manta. Na taɓa ganin inda aka buɗe sabon reshe, mai haɗa sabar ya kwafi faifan tsohon reshe dungurungum don ya huta da saiti. Offset ɗin ya biyo kwafin, rassa biyu suka koma ba da lamba ɗaya, ba wanda ya sani sai da aka zo haɗa lissafin wata. Haka kuma wanda ya saita da `SET GLOBAL` kawai bai rubuta a `my.cnf` ba, ranar da aka ɗauke wuta sabar ta sake tashi, ta koma 1 da 1. Wanda ya bi hanyar Malam ya riƙa gudanar da wannan a Apapa kafin kowace kwashewa, a kan sababbin layuka:

```
SELECT COUNT(*) FROM waybills
WHERE id > 5000 AND id % 10 <> 2;
```

Duk abin da ya wuce sifili, a dakata.

Malam Sabo: Wannan laifin mai saiti ne, ba na lamba ba. Duba ɗaya ne, ba ya cin minti guda.

Hajiya Ummi: Ku yi haƙuri, ni a akanta nake, ba na rubuta manhaja. Idan UUID shi ne wancan dogon abu mai haruffa da lambobi, ni ban yarda ba. Mai kaya zai kira daga Kano yana kan titi, mota na ƙara, ka ce ya karanto maka haruffa 36? Lamba shida ma sai an maimaita. Kuma ina so idan na ga 4021 da 4023 in tambayi inda 4022 ta shiga.

Nafi'u: Hajiya, ba lambar da ake bugawa a takarda muke magana ba, ta cikin rumbun bayanai ce.

Injiniya Rabi: A wurinku kuwa ita ce, Nafi'u, shi ya sa maganar Hajiya ta shigo daidai. Lamba ɗaya kuka ɗora wa aiki biyu, na inji da na mutane. Ku raba su. Takarda ta ɗauki irin AGG-004021 da APP-004021, kowane reshe da nasa ƙirgen, a sa `UNIQUE` a kan reshe da lamba tare. Amma Hajiya, `AUTO_INCREMENT` bai taɓa yi miki alkawarin jeri marar giɓi ba. Idan aka fara rubuta takarda aka fasa da `ROLLBACK`, lambar ta ƙone, ba ta dawowa. Idan kina son duk giɓi ya zama abin tuhuma, sai an yi teburin ƙirge daban, a ƙara shi a cikin rubutu ɗaya da takardar, su shiga tare ko su faɗi tare.

Bashir: Ni ina bayan Nafi'u. A wurinmu direbobi ne ke rubuta isar kaya a wayoyinsu, wani lokaci a hanyar Ibadan ba sabis. Waya ta kai ɗari biyu, kullum ana canzawa. Wa zai zauna yana raba musu offset? Da UUID waya ta ƙirƙiri lambarta, ta rataya hotuna da sa hannu a jikinta, in sabis ya dawo ta tura. Idan turawar ta katse ta sake turowa, sabar ta ga lambar da ta riga ta sani, ba ta rubuta sau biyu. Zancen karo kuma, UUID nau'i na 4 yana da bit 122 na bazata. Sai ka ƙirƙiri biliyan sau biliyan 2.7 kafin yiwuwar karo ɗaya ta kai rabi.

Injiniya Rabi: A naka, Bashir, ba gardama, UUID ne. Karon ma ba ya damuna, muddin daga ingantaccen tushen bazata na tsarin ake samo shi, ba wani ya haɗa nasa da `rand()` ba. Abin da nake ja da shi shi ne a ce kyauta ne.

InnoDB, injin ajiya na MySQL, yana jera layukan tebur ne bisa babban mabuɗi, a shafuka masu kilobayit 16. Da lambar jeri, kowane sabon layi a shafin ƙarshe yake sauka, kuma shafin yana cikin ƙwaƙwalwa. Da UUID na bazata, kamar magatakarda ne da duk takardar da aka miƙo masa sai ya buɗe wani fayil daban a cikin kabad: sai an ɗauko shafin daga faifai, idan ya cika a tsaga shi biyu. Muddin teburin ya shige cikin `innodb_buffer_pool_size` ba za ka ji komai ba, shi ya sa a gwaji komai lafiya. Ranar da ya fi ƙarfinsa, rubutu ya fara jan ƙafa, kuma za ka ga `Innodb_buffer_pool_reads` yana hawa da sauri alhali ciniki bai ƙaru ba.

Ga kuma girma. Kowane indes na biyu yana ɗauke da kwafin babban mabuɗi. Ka ɗauka layi miliyan 5 ne, indes huɗu, wato kwafi biyar ga kowane layi. `BIGINT` bayit 8 ne, jimla kusan megabayit 200. `BINARY(16)` zai ci 400. `CHAR(36)`, wanda shi yawanci ake fara sawa, zai ci 900, ba a ma ƙirga teburan da ke nuno shi ba.

Bashir: Mu fa ba mu ga wannan jan ƙafar ba.

Injiniya Rabi: Da PostgreSQL kuke aiki, ko? Shi ba ya jera layukan tebur bisa mabuɗi, indes ɗin ne kawai ke shan wahalar, kuma nau'in `uuid` nasa bayit 16 ne tun asali. Nafi'u MySQL yake kai. Shawarata gare shi nau'i na 7, wanda RFC 9562 ta fitar a 2024. Bit 48 na farko lokaci ne da milisakan, saura galibi bazata, don haka sababbi suna sauka kusa da ƙarshen indes. PostgreSQL 18 ya zo da `uuidv7()`. A MySQL `UUID()` nau'i na 1 yake bayarwa, sai dai ka ƙirƙiri na 7 a cikin manhajarka ka ajiye a `BINARY(16)`. Ka kula da `UUID_TO_BIN(x, 1)`: juyin da yake yi don nau'i na 1 aka yi shi, idan ka yi wa na 7 ka wargaza jerin da ka je nema.

Malam Sabo: Kin dawo wurina ke nan, Injiniya. Kin ce nawa ya dogara da saiti, naki kuma ya dogara da agogo. Sabar reshe da batirin agogonta ya mutu fa?

Injiniya Rabi: Ya dogara, Malam, amma faɗuwar ba iri ɗaya ba ce. Agogo ya karkace, layi ya sauka a tsakiyar indes, jeri ya ɗan ruɗe. Offset ya karkace, takardun mutum biyu sun zama ɗaya.

Malam Sabo: Duk da haka, rassa uku da ba sa ƙaruwa kowace shekara, ba zan canza mabuɗin teburi da duk masu nuno shi ba saboda abin da layi biyu na saiti ke gyarawa. Wannan tiyata ce babba, kuma a kan rumbun da lissafinsa ya riga ya cakuɗe.

Nafi'u: Maigida yana maganar buɗe reshe a Kano, kuma yana so masu karɓar kaya su fara rubutawa a waya. Lokacin ne ba a tsayar ba.

Injiniya Rabi: To a daren yau ka bi Malam, domin shi ne zai tsayar da karon nan take. Bayan nan ka ƙara sabon ginshiƙi `uid BINARY(16)` mai `UNIQUE`, ka cika shi a sabobin rassa, ba a hedikwata ba, ka kai shi teburan kaya ta hanyar `id` na reshen, sannan ka sake gina hedikwata daga rassa da `uid`. Ko zai zama babban mabuɗi, wannan sai ka auna da kwafin bayananku.

Malam Sabo: Ni a nan zan tsaya, `id` ya ci gaba da zama babban mabuɗi a reshe, `uid` na haɗawa ne kawai.

Hajiya Ummi: Nafi'u, kafin ka taɓa komai ka turo mini jerin takardun da suka ɓace a hedikwata, reshe-reshe. Akwai waɗanda aka riga aka caje su kuɗin dako a kan wannan lissafin.