Giya tana maganin sanyi ko ƙara shi take yi?

Danladi: Jama'a ku raba mu gardama da maigadin layinmu a nan Jos. Ya ce idan hunturu ya tsananta, ƙaramin kofi na ogogoro ya fi masa bargo. Na musa, ya ce in taɓa hannunsa. Na taɓa, wallahi da ɗumi. Wa ke da gaskiya?

Malam Usman: Giya haramun ce, Danladi. Me ya kai ka tattauna amfaninta?

Danladi: Allah gafarta Malam, ba halacci nake tambaya ba. Dattijo ne mai kwana a waje, ransa nake jiye wa.

Anti Rabi: Hannunsa da ɗumi kam, bai yi maka ƙarya ba. Amma ka tambayi kanka daga ina ɗumin ya fito. Idan sanyi ya bugi mutum, jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata sukan tsuke, jini ya koma ciki ya tsare zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa a wajen digiri 37. Shi ya sa yatsunka ke ƙandarewa da asuba, jiki ne ya rufe ƙofa. Giya kuwa buɗe jijiyoyin nan take yi. Jini mai zafi ya kwararo fata, fuska ta ɗau ɗumi, kuma da yake a fata muka fi jin sanyi da zafi, sai mutum ya ji garau. Alhali zafin cikinsa ne ya fito bakin ƙofa iska tana kwashewa. Kamar ka buɗe murfin kular abinci ne: hannunka zai ji tururi, tuwon kuma yana hucewa.

Bala Direba: Anti, ban yarda duka ba. Giya ai tana ƙonewa a jiki kamar fetur, dole ta ba da zafi. Kuma mutanen Rasha da ƙanƙara ke zubo musu, ba ita suke sha ba?

Anti Rabi: Rabin maganarka gaskiya ne, Malam Bala, tana da kuzari a cikinta. Sai dai hanta a hankali take sarrafa ta, ba ta sauri don ana sanyi. Kuma yayin da take wannan aikin, takan rage haɗa sukarin da take turawa cikin jini. Rawar ɗari da muke yi, tsoka ce ke aiki don ta haifar da zafi, kuma sukari take ci. Wanda ya sha da yunwa, ko bayan ya wuni yana aikin ƙarfi, sukarinsa na iya faɗuwa, rawar ɗarin ta yi rauni.

Sadiq: Ni a Mosko na yi karatu. Suna sha, amma a ɗaki mai ɗumi, da abinci a gaba. Waɗanda ake tsinta a sandare a bakin titi lokacin sanyi, da yawansu a buge suke.

Bala Direba: To can ne. Sanyin Jos ai bai kai ya kashe mutum ba.

Anti Rabi: Ba sai da ƙanƙara ba. Na taɓa karɓar wani ina aikin dare a asibiti, an tsince shi kwance kan siminti da jiƙaƙƙiyar riga, ya sha burkutu tun yamma bai ci komai ba. Waɗanda suka kawo shi cewa suke maye ne kawai, a bar shi ya yi barci. Na sa hannu a cikinsa ƙarƙashin riga, sanyi ƙalau, maganarsa a sarƙe, kuma ba ya rawar ɗari. Wannan ne ya tayar min da hankali, domin ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, idan aka gangara wajen 32 rawar ɗarin kan tsaya. Siminti ya ja zafi ta ƙasa, ruwan riga da iska sun ja ta sama, giya kuma ta hana shi jin abin da zai tashe shi. Muka cire rigar, muka lulluɓe shi har ka, muka auna sukari muka same shi ƙasa. Ba a murza wa irinsa hannu da ƙafa, ba a jijjiga shi, ba a ɗura masa shayi sai ya farfaɗo yana iya haɗiya.

Bala Direba: Wannan ai ya sha ya yi tatul. Maganar Danladi kofi ɗaya ce.

Anti Rabi: Nan kana da hujja. Kofi ɗaya ga mai ƙoshi da rigar sanyi, abin da zai rage na zafin ciki kaɗan ne. Abin da nake tsoro shi ne ɗumin ƙaryar ya sa dattijon ya ajiye bargo, ya zauna wuri guda, barci ya ɗauke shi.

Bala Direba: Ni dai har yanzu ina ganin laifin barcin ne da jiƙaƙƙiyar riga, ba na kofin ba.

Danladi: Anti, shayi mai sukari a fulas fa? Ina da tsohuwar tabarma da zai shimfiɗa a kan bencinsa, zan kai masa yau da magariba.