Bangon inci shida: a rushe kawai, ko a tokare tukuna?

Baban Sadik: Assalamu alaikum. Ina so in buɗe bangon da ke tsakanin falo da ɗaki a gidana na Tumfure, kamar ƙafa 8. Birkila ya ce bulon inci shida ne, ba ya ɗauke da komai. Rufin kwano ne. In bar shi ya rushe?

Birkilan Bolari: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ya faɗa maka. Inci tara ke ɗaukar nauyi, inci shida raba ɗaki kawai yake yi.

Injiniya: Malam, haka yake a takarda. Amma gidaje nawa ne a Gombe aka gina su kaf da inci shida, aka ɗora rufi? Alhaji, ka sa kafinta ya shiga silin da tocila. Idan katakon da ke kwance a ƙasan rufin a kan bangon ya zauna, musamman idan a nan aka haɗa bakin katako biyu, to bangon ne ke riƙe da shi. Ya duba tanki ma: lita 1,000 na ruwa tan guda ne.

Hajiya Umma: Mu fa mun cire namu a Pantami, ko tsagewa babu.

Injiniya: Hajiya, naku dekin ne, mai yiwuwa da bim a saman bangon, wato dogon kankare mai rodi da ke kwance yana ɗauke da dekin ɗin. A bene ma ba na yarda a taɓa sai an kankare filasta an ga bim ɗin da ido.

Baban Sadik: Kafinta ya hau. Ya ce katako uku sun zauna a kai.

Injiniya: To tokara kafin guduma. A jera tokara ta gefen falo da ta gefen ɗaki, a ƙarƙashin kowane katako, ƙafarta a kan faffaɗan katako mai kauri, ba kan tayil tsirara ba. Sannan a sare daga sama zuwa ƙasa. Linta ta hau bango aƙalla inci 6 kowane gefe, a wannan faɗin na fi son 9. Bulon da za ta zauna a kai a cika ramukansa da kankare, don nauyin duk nan zai koma. Yawan rodi kuwa sai wanda ya zo ya gani ya lissafa.

Birkilan Bolari: Gora ta isa, kuma kwana bakwai nake cirewa.

Injiniya: Gora ba a iya ɗaure ta a hankali kamar tokarar ƙarfe mai zare. Kwana bakwai kuma kankare bai kai ba, ƙarfinsa a kwana 28 ake aunawa. A bar tokara mako uku, ana ba shi ruwa safe da yamma, balle a hunturu. Idan ƙofa ta fara cijewa ko tsaga ta tashi a karkace daga kusurwa, a dakata.

Birkilan Bolari: Mako uku da tokara a falon mutum? Injiniya, wannan kam ban yarda ba.